Yadda na daidaita launin kyamara biyu a hirar da muka ɗauka a marina

Hirar minti arba'in ce, da wani dattijo marini a Ƙofar Mata, cikin birnin Kano. An ba mu aikin ne don wani ɗan gajeren shiri kan sana'ar rini, kuma wadda ta ba mu aikin ta ce tana son kyamara biyu: ɗaya ta ɗauko dattijon da ramukan rini da ke bayansa, ɗaya kuma ta matso kan fuskarsa da hannayensa. Ni na riƙe Sony a7 III na ɗauki faɗin wurin. Ƙanena, wanda yake koyon aiki a hannuna, ya riƙe Canon 80D ya tsaya ta gefen hagu yana ɗaukar na kusa. A ƙarƙashin rumfa muka zaunar da dattijon, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma.

Da na dawo gida na jera ɗaukar biyu a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, na yanka su yadda zance ya buƙata, sai na kunna daga farko. Duk inda hoto ya tsallaka daga kyamarata zuwa ta ƙanena, kai ka ce an canja rana ne, an canja mutum. A tawa komai ya kwanta fari-fari kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. A tasa kuma fuskar dattijon ta yi jajir, inuwa ta yi duhu, zanen da ya riƙe ya koma wajen shunayya.

Sanadin bai ɓuya ba. Ni na ɗauka da PP8, wato S-Log3 tare da S-Gamut3.Cine. Wannan tsari yana matse hasken wuri gaba ɗaya, daga inuwa har rana, ya ajiye shi a tsakiya don kada a rasa komai, shi ya sa hoton yake fitowa a koɗe sai an buɗe shi daga baya. Canon 80D ba ta da irin wannan tsari. Ƙanena ya bar ta a kan Picture Style ɗin Standard, wanda yake ƙarasa hoton tun a cikin kyamara, ya ƙara masa launi da duhu, ya miƙo maka abin da ya gama. Bayan haka ni na kafe ma'aunin fari a 5600K, shi kuma ya bar nasa a kan AWB, kyamara na zaɓar wa kanta.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake fara yi. Na danna dama a kan guntun bidiyon na zaɓi Shot Match to This Clip, ina fatan manhajar za ta yi mini aikin. Sakamakon bai yi kyau ba, kuma na fahimci dalili. Wannan umarni yana duban launin hoton ne baki ɗaya, ya yi ƙoƙarin kusanto da na wancan. To hoton faɗi ya cika da shuɗin zannuwa da ramuka, hoton kusa kuwa kusan duk fata ce da farar hula. Da ya nemi ya mayar da su iri ɗaya, sai ya zuba wa hoton faɗin ja ko'ina, har ƙasar wurin ta rine. Na goge shi na koma farko.

A nan ne na tsaya na yi tunanin da ya fi komai amfani a aikin: wace kyamara ce za ta bi wata? Zuciyata ta so a ce Canon ta bi Sony, tunda Sony ce babba kuma ita na riƙe. Amma da na buɗe Waveform, ma'aunin da ke nuna hasken kowane yanki na hoto, a kan hoton Canon, sai na ga saman hular dattijon, inda rana ta ratso ta ɓular rumfa, ya miƙe sambal a can ƙololuwar ma'auni, layi ɗaya ba tudu ba kwari. Wannan alama ce ta cewa wurin ya ƙone, babu sauran zare ko ɗinki da za a dawo da shi. Ko na sauke hasken, abin da zan samu shi ne faci mai ruwan toka. Haka ma inuwar ƙarƙashin haɓarsa ta riga ta manne a ƙasa. Hoton Canon ba ya da wurin lanƙwasawa sosai, na Sony kuwa yana da shi. Saboda haka na yanke cewa zan gyara Canon ɗan kaɗan, iya abin da za ta ɗauka, sannan in ja Sony ta zo inda take. Na zaɓi wani wuri a minti na shida, inda dattijon ya zauna shiru yana sauraron tambaya, hannunsa a kan gwiwa, na danna Grab Still na ajiye hoton Canon na wannan daƙiƙa a Gallery. Shi ya zama ma'aunina.

Kafin in kwatanta komai, dole hoton Sony ya fito daga matsewar da yake ciki, ya shigo tsarin da Canon take. Na yi Node uku a jere, wato matakan gyara da hoto ke bi ɗaya bayan ɗaya, na ɗora Color Space Transform a kan na tsakiya, na cike shi haka:

```
Input Color Space:  Sony S-Gamut3.Cine
Input Gamma:        Sony S-Log3
Output Color Space: Rec.709
Output Gamma:       Gamma 2.4
```

Nan take hazon ya yaye. A da, kafin in san wannan, nakan ƙara Contrast da Saturation da hannu har sai hoton ya yi kama da na mutane. Yakan yi kama ɗin, amma launuka ba sa komawa mazauninsu, domin ja da kore da shuɗin da S-Gamut3.Cine yake nufi ba su ne na Rec.709 ba. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ƙare yana bin kowane launi ɗaya bayan ɗaya, yana gyara abin da lissafi zai gyara masa a danna ɗaya. Abin kula kawai shi ne ka tabbatar da abin da ka ɗauka da shi. PP7 a wannan kyamara S-Log2 ne, kuma idan ka gaya wa manhaja S-Log3 alhali da S-Log2 ka ɗauka, haske da duhun hoton za su fito a karkace tun daga tushe.

Daga nan sai haske, kuma na hana kaina duban launi sam har sai na gama da shi. Idan hoto ɗaya ya fi ɗaya haske, ido yakan ce launinsu ya bambanta ko da bai bambanta ba. Na kewaye kumatun dattijon da ƙaramin Power Window, wato da'irar da ke keɓe wani yanki na hoto, don Waveform ya nuna mini wurin kaɗai. Kumatu na zaɓa, na bar goshi, saboda goshi yana ƙyalli, kuma ƙyalli yana canjawa gwargwadon inda kyamara ta tsaya. Kyamarar ƙanena tana gefe, tawa tana gaba, ba za su taɓa ganin ƙyallin goshi iri ɗaya ba. A ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 1023, kumatun ya zauna wajen 400 a Canon, a Sony kuma wajen 520.

Ban yi mamakin wannan ba, don da gangan na ƙara haske lokacin ɗauka. Masu ɗauka da S-Log3 a wannan kyamara sukan yi haka don kada inuwa ta cika da yashi-yashi. Gyaran nasa na yi shi a Node na farko, wanda yake gaban Color Space Transform, da keken Offset. Dalilin yinsa a can shi ne, a cikin S-Log3 ninka haske sau biyu yana daidai da hawa kusan 79 a wannan ma'auni, a tsakiyar hoto da samansa. Saboda haka idan ka sauke Offset tun hoton yana matse, kamar ka rage hasken da ya shiga kyamara ne, komai ya sauko tare cikin tsari. Idan kuwa ka bari sai bayan an buɗe hoton ka ja Gain ƙasa, fari yakan dushe ya yi datti, fuska kuma ba ta sauko yadda ake so ba. Na sauke har kumatun ya zo 405. A Node na uku na ƙara Contrast kaɗan don inuwar Sony ta kusanci ta Canon, a ita Canon kuma na ɗaga Lift ɗan ƙanƙani, iya inda yashi bai fara fitowa ba. Suka haɗu a tsakiya, amma Sony ce ta yi mafi yawan tafiyar.

Sai maganar fari, inda na kusa yin kuskuren da zai ɓata mini aikin duka. Na kewaye wani yanki na farar rigar dattijon wanda bai ƙone ba, na buɗe Parade, wanda yake raba hoto gida uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da tsayinsa. A Canon ja ya fi tsayi, wajen 850, kore 820, shuɗi 790. A Sony kuwa shuɗi ne a sama, ja a ƙasa, saboda 5600K ma'aunin hasken rana ne kai tsaye, mu kuma a inuwa muke, inda haske ya fi karkata ga shuɗi. Abin da aka koya mana shi ne a daidaita ukun su yi kai ɗaya, sai fari ya zama fari. Na yi hakan a kyamarorin biyu, riga ta yi fari tas, amma fuskar dattijon ta fito ruwan goro a dukkansu, kamar an shafa masa wani abu.

Na daɗe ina kallon hoton kafin in tuna abin da kowa a gidanmu ya sani. Farar riga a wurinmu ana sa mata bula in an wanke ta. Farinta yana da ɗan shuɗi a jikinsa, ga shi kuma mutumin yana zaune kewaye da shuɗayen zannuwa da suke mayar masa da haskensu. Da na tilasta wa rigar ta zama fari tsantsa, na cire shuɗin da yake na gaskiya ne, sai sauran hoton ya rinjaya zuwa ɗumi. Ba mu ɗauki katin toka, wato kati mai ruwan toka tsantsa da ake auna fari da shi, a wurin ba, don haka babu wani abu a hoton da zan rantse cewa ba shi da launi. Sai na sauya manufa. Na daina neman rigar ta zama fari tsantsa, na nemi ta zama iri ɗaya a kyamarorin biyu, da ɗan shuɗinta. Na bar shuɗi ya ɗara ja da kimanin 20 a Canon ta hanyar rage Temp, sannan na kawo Sony kan wannan tsari da ƙwallon Offset a Node na farko.

Alƙalin da ya raba gardama shi ne fata. A Vectorscope, da'irar da ke nuna inda kowane launi ya karkata, na kunna Show Skin Tone Indicator, wani layi da ke miƙewa tsakanin R da Yl, wato ja da ruwan ɗorawa, na kuma kunna Show 2x Zoom don in gani da kyau. Wasu suna zaton wannan layi na fararen fata ne kawai. Ba haka ba ne. Baƙar fata da farar fata sun fi bambanta a haske da yawan launi, amma kusurwar da suke faɗawa kusa take da juna. Kumatun dattijon a Canon ya sauka kaɗan ta ɓangaren R, a Sony kuma kaɗan ta ɓangaren Yl. Ban dage sai sun hau kan layin daram ba, abin da na nema shi ne su hau kan juna. Na taɓa Tint na Sony kaɗan don in rage koren da ke cikinsa, na rage Saturation na Canon daga 50 zuwa 44, domin tsarin Standard ya riga ya cika mata launi. Da na sabunta hoton Gallery da gyararren hoton Canon, na ɗora shi a kan na Sony na ja layin Image Wipe ta tsakiyar fuska, sai fatar ta tafi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Da a ce hirar ofis ce, da na tsaya a nan. Amma shirin a kan shuni yake, kuma shunin bai daidaita ba. Gyaran fari ya rage ratar, sai dai har yanzu zanen da ke kan cinyar dattijon yana karkata zuwa Mg, wato wajen shunayya, a Canon, a Sony kuma yana karkata zuwa Cy, wato shuɗi mai kore-kore. Irin wannan bambanci ba daga saiti yake zuwa ba. Kowane kamfani yana da yadda yake fassara abin da idon kyamararsa ya gani, kuma launuka masu ƙarfi su ne suka fi nuna hakan. Babu keken Primaries da zai gyara shi ba tare da ya taɓa fata ba.

Sa'ar da na yi ita ce na sayi zane ɗaya a wurin dattijon ranar da muka je. Na ɗauko shi na tsaya bakin taga da safe na dube shi. Shuɗi ne mai duhu, kuma inda aka buge shi yana da wani sheƙi mai ɗan ja-ja a ciki. Wato Canon ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ta ɗan zarce. Na buɗe Hue vs Hue a wani sabon Node na Sony, na danna kan zanen, manhajar ta sa ɗigo uku a kan layin, na matsa na tsakiya har gungun shuɗin a Vectorscope ya bar wajen Cy ya matso B, wato shuɗi. Karo na farko na bar ɗigon gefe biyu kusa da na tsakiya, sai na ga gefen zanen ya fara fashewa, ƙananan murabba'ai suna rawa a inda shuɗi ya haɗu da farar riga. Kyamarorin nan biyu da bit 8 suke ajiye bidiyo a kati, matakai 256 kacal ga kowane launi, kuma bayanin launin ma an rage shi ya gaza na haske. Gyara mai kaifi yana tona wannan ƙaranci. Na buɗa ɗigon gefen nesa da juna yadda lanƙwasar za ta yi laushi, fashewar ta ɓace. A Canon na dawo da shuɗin baya kaɗan, na kuma rage ƙarfinsa a Hue vs Sat.

Da dare na kunna shirin daga farko ina ganin na gama. Minti shida na farko lafiya lau. A minti na goma sha ɗaya dattijon ya ɗaga zanen ya baje shi gaban ƙirjinsa yana nuna adon da aka yi da ɗauri, sai fuskarsa a hoton Canon ta fara ɗumi a hankali, cikin daƙiƙa uku ko huɗu ta zama ruwan goro. Da ya sauke zanen ta dawo. AWB ne: kyamarar ta ga shuɗi ya cika mata ido, ta zaci hasken wurin ne ya yi sanyi, ta ƙara ɗumi don ta rama. Na kira ƙanena ya zo ya gani, domin gani ya fi ji. Ya kalla sau biyu ya ce, "Yaya, ai ban taɓa komai ba a lokacin." Na ce masa na sani, kyamarar ce ta taɓa da kanta, kuma ni ya kamata in duba saitinsa kafin mu fara.

Wannan shi ya cinye mini kwana guda. Gyara ɗaya ba zai wadatar da dukan hoton Canon ba, tunda launinsa yana yawo. Guntayen Canon ashirin da uku ne a shirin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta kowanne da hoton Gallery, ina taɓa Temp kawai a wani Node na daban da na ware don haka, yadda sauran gyaran zai zauna yadda yake. A guda huɗu launin ya canja a tsakiyar guntun, nan na yi amfani da Dynamic Keyframe, na sa ɗaya kafin zanen ya tashi, ɗaya bayan launin ya gama juyawa, Temp ya riƙa sauka a tsakaninsu. Uku sun yi kyau. Na huɗun ya ƙi, domin dattijon yana ɗaga zanen yana saukewa da sauri, kyamarar tana binsa a baya. A nan na haƙura, na bar muryarsa tana tafiya na rufe wurin da hoton hannun wani matashi yana tsoma yadi a rami.

Akwai wani bambanci da ba na launi ba amma ido yana lissafa shi tare da launi. Sony na ɗauka da 4K aka rage ta zuwa 1080, Canon kuwa 1080 ce tun asali, don haka hoton Sony ya fi kaifi, har zaren riga ana ƙirgawa. Na gwada ƙara wa Canon kaifi, sai yashin inuwa ya taso tare da shi. Sai na juya, na ɗaga Radius na Blur a Sony daga 0.50 zuwa 0.52. A hoto tsayayye da kyar za ka lura, amma a wurin tsallakawa ya rage tsallen da ido yake yi.

Gwajin ƙarshe ban yi shi da hoto tsayayye ba. Nakan koma daƙiƙa biyar kafin kowace mahaɗa in kunna, idona a kan fuska kawai. Ido yana sabawa da launi cikin ɗan lokaci, idan ka zura wa hoto ido na minti biyu zai gamsar da kai ko da a karkace yake, amma a daidai lokacin tsallakawa ba ya samun damar sabawa. Na kuma lura da ɗakin da nake ciki: da aka kawo wuta da magariba ƙwan ɗakin mai ruwan ɗorawa ya kama, sai duk hoton ya yi mini kamar ya cika shuɗi, har na kai hannu zan gyara. Parade bai motsa ba, don haka na kashe ƙwan na bar hoton yadda yake. Na fitar da minti biyu na tura wa wadda ta ba mu aikin ta kalla a wayarta, ban gaya mata abin da za ta duba ba. Abin da ta yi magana a kai shi ne ƙarar babura a bayan muryar dattijon, da kuma facin hular da ya ƙone, wanda na riga na san ba shi da magani.

Bayan mako biyu muka koma ɗaukar masu bugu. Wannan karon na tafi da katin toka. Kafin a fara, na riƙe shi a daidai inda fuskar mai magana za ta kasance, kowace kyamara ta ɗauki ma'aunin farinta daga jikinsa aka kafe shi, sannan muka ɗauki katin na daƙiƙa goma da su biyun. Canon muka mayar da ita Neutral, muka rage mata Contrast, ƙanena kuma ya rage haske har sai da farin kaya ya daina ƙonewa. Da na zo tacewa, katin ya ba ni haske da fari cikin 'yan mintuna. Shunin dai ya sake rabuwa kamar wancan karo, Canon wajen Mg, Sony wajen Cy, sai na ɗauko Node ɗin Hue vs Hue na hirar farko daga Gallery na ɗora, na ɗan matsa ɗigon tsakiya, ya zauna.